Kanun labari ya yanke a sikirinshot, Baba kuma yana jiran fassara

Assalamu alaikum Malam. Baba ne ya turo min wani sikirinshot da shi ma turo masa aka yi, ya ce in fassara masa da Hausa, amma rubutun ya yanke a ƙarshe. Abin da ke jiki shi ne: "Supreme Court: Old N200, N500, N1,000 notes remain legal tender un…" Ba sunan jarida ba kwanan wata. Baba hatsi yake sayarwa kuma yana da tsofaffin kuɗi a hannu, hankalinsa ya tashi. Ni dai ina ganin 31 ga Disamba ake nufi. In rubuta masa haka ne, ko ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kar ka rubuta masa wannan ranar a cikin fassara, ko da kuwa kana jin kashi casa'in cikin ɗari ita ce. Na daɗe ina aikin fassarar labarai daga Turanci zuwa Hausa a ɗakin labarai, kuma abin da na fi jin tsoro a aikin nan ba kalma mai wuya ba ce, kalma mai wuya kana iya tambaya ko ka buɗe ƙamus, abin tsoron shi ne jimlar da ta zo da giɓi kai kuma ƙwaƙwalwarka ta cike maka giɓin tun kafin ka ankara, sai ka rubuta ta da Hausa mai daɗi sumul, wanda ya karanta ba shi da ta inda zai gane ina maganar jarida ta tsaya ina taka ta fara.

Fara da kallon wurin da aka yanke, tun kafin ka taɓa fassara. Ɗigo uku da ke manne da rabin kalma kamar naka alama ce ta cewa na'ura ce ta datse, ba mutum ba. Waya tana yin haka a sanarwar da ke faɗowa a saman fuska, da ɗan akwatin nan da ke fitowa in an tura adireshin labari a WhatsApp, haka ma sakamakon bincike na Google yakan datse kanu in ya wuce wajen haruffa sittin, kuma in ka ƙirga naka za ka ga kusan nan ya tsaya. Wannan yana da ɗan daɗin ji, domin yana nufin ba lallai ne wani ya zauna ya ɓoye ƙarshen da gangan ba, kuma cikakken kanun yana nan a wani wuri. Wanda aka yanke da hannu daban yake, babu ɗigo, sai ka ga gefen hoton ya ratsa tsakiyar harafi ko ka hango kawunan haruffan layi na gaba suna leƙowa a ƙasa, shi wannan sai ka ƙara sa ido don mai yankan yana iya zama yana da manufa. Akwai kuma ɗigo ukun da jaridun Najeriya ke sawa da kansu a FARKON ƙaramin kanu da ke ƙarƙashin babba, wannan salo ne kawai ba abin da ya ɓace, na sha ganin sababbin masu fassara suna neman giɓi a inda babu shi.

To yanzu abin da idonka ya gani, shi kaɗai za mu ɗauka. Sunan Kotun Ƙoli, sai ɗigo biyu na sama da ƙasa, sai tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sai maganar cewa suna nan a matsayin halastattun kuɗi, wato kuɗin da doka ta ce a karɓa a ciniki, sai haruffa biyu, "un". Shi ke nan abin da ke hannunka.

Waɗannan haruffa biyun su ne duk rigimar. Kai ka karanta su a matsayin "until", ni ma da na gani ita ce ta fara zuwa min, kuma ita ce ta fi kama da gaskiya. Amma "unless" ma da su ta fara, "under" ma haka. Ta farko tana sa iyakar lokaci, ta biyu tana sa sharaɗi wato sai dai idan kaza ya faru, ta uku tana nuna a ƙarƙashin wane hukunci ko wace doka. Uku ne mabambanta kuma a wajen ɗan kasuwa bambancin ba ƙarami ba ne. Mu ma ɗauka "until" ɗin ce. A nan ne Hausa take tona asirin mai fassara, domin Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita ko rana ce ta biyo baya ko wani abu da ake jira ya faru, mu kuwa biyu muke da su: in rana ce sai mu ce "har zuwa", in abu ake jira sai mu ce "har sai". Ka ga kenan da zarar ka rubuta "har zuwa…" ka bar ɗigo uku kana ganin ai ka yi gaskiya ba ka ƙara komai ba, ka riga ka gaya wa Baba cewa akwai ranar da aka yanka wa kuɗinsa, alhali hoton bai faɗi haka ba. Kalmar "zuwa" ɗin nan guda ɗaya hasashe ce. Abin da ya fi min ciwo shi ne irin wannan kuskuren masu kyakkyawar niyya ne ke yin sa, ba maƙaryata ba.

Kuma ba wai ina ƙirƙiro yiwuwar da babu ba ne don in wahalar da kai. A shekarar 2023 kaɗai Kotun Ƙoli ta yi magana a kan kuɗin nan aƙalla sau uku, kuma kowanne ana iya rubuta masa kanu da zai fara kamar naka ya ƙare daban. Ka tuna yadda abin ya faro, a watan Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya, wato CBN, na lokacin Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin takardun uku, sababbin suka fara yawo 15 ga Disamba 2022, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara. Ranar 8 ga Fabrairu kotun ta ba da umarnin wucin gadi cewa kar a aiwatar da wa'adin sai an saurari ƙarar, wannan "har sai" ne. Ranar 3 ga Maris ta yanke hukunci cewa tsofaffin kuɗin za su ci gaba da aiki har zuwa 31 ga Disamba 2023, wannan ne "har zuwa", kuma shi ne ya zauna maka a kai kamar yadda ya zauna wa kusan kowa. Sai kuma 29 ga Nuwamba 2023, bayan gwamnatin tarayya ta koma kotun, aka cire wa'adin gaba ɗaya, tsoho da sabo su ci gaba da tafiya tare ba tare da an sa rana ba, wannan kuma "har sai abin da hali ya yi" ne. To hoto ba kwanan wata, da wanne daga cikin ukun za ka rantse?

Ka duba abin da zai faru in ka zaɓi na tsakiya ka rubuta "har zuwa 31 ga Disamba" kamar yadda ka yi niyya. Kanun jarida ba kasafai yake sa shekara ba, kai ma ba za ka sa ba, Baba zai karanta ya ɗauka Disambar da ke gabansa ake nufi. Gobe da safe a kasuwa wani ya miƙo masa tsohuwar dubu ɗaya a kan kwanon gero sai ya ja hannu, ya gaya wa na rumfar kusa cewa ɗansa mai boko ya fassara masa, na kusa ya gaya wa na gaba. Haka jita-jitar take haihuwa, kuma ta taɓa faruwa ma, a ƙarshen 2024 sai da CBN ya fito ya musanta maganar da ke yawo cewa tsofaffin kuɗi za su daina aiki a Disambar shekarar, ya tunatar da mutane hukuncin Nuwamba 2023.

Na ga irin wannan da idona lokacin ƙarancin kuɗin. Akwai wata baiwar Allah a layinmu mai tuyar ƙosai, dattijuwa ce, wata safiya na je na tarar da mutane tsaye da kwanukansu ita kuma ta ƙi karɓar tsohuwar ɗari biyu, ta ɗaure kuɗinta na jiya a bakin zane tana ta juyayi ta ce jikanta ya karanta mata a waya cewa an kashe tsofaffin kuɗi duka. Na ce yaron ya nuna min. Sanarwa ce ta saman waya ta jawabin Shugaba Buhari na 16 ga Fabrairu, inda ya ce tsohuwar 500 da 1,000 sun daina aiki amma tsohuwar 200 za ta ci gaba har 10 ga Afrilu, wayar ta nuna masa rabin farko ta haɗiye rabin da ya shafi kakarsa. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, bai dai ce mata "Hajiya akwai saura ban gani ba". Ƙosai yana ta yin sanyi a cikin matsami, ita kuma tana mayar da kuɗin da doka ta ce ta karɓa.

Sai maganar ɗigo biyun da ke bayan sunan kotu, wadda ba ka tambaya ba amma dole in taɓo ta. A kanun jaridunmu abin da ke gaban ɗigo biyu wani lokaci mai magana ne, wani lokaci kuma batun da ake magana a kai ne kawai, mai maganar yana can ƙarshe bayan ɗan karan layi. To ƙarshen kuma shi ne aka datse maka. Yana yiwuwa kotu ce ke magana, yana kuma yiwuwa wani ne ke magana a kan hukuncin kotun, CBN ko lauya ko gwamna. A ranar da Buhari ya yi wancan jawabin, gwamnan Kaduna na lokacin Nasiru El-Rufa'i shi ma ya yi nasa jawabin ya ce duk tsofaffin kuɗin suna nan daram a jiharsa yana kafa hujja da umarnin kotu. Shi kuma CBN sai 13 ga Maris ya fito ya ce bankuna su bi hukuncin, kwana goma bayan an yanke shi. Saboda haka kar ka rubuta "Kotun Ƙoli ta ce". Bar ɗigo biyun yadda ka same su, Hausa tana ɗaukarsu lafiya lau, "ta ce" ɗin nan ƙari ne daga aljihunka.

Ga yadda ni zan tura wa Baba in ni ne:

Baba barka da yamma. Abin da ke rubuce a hoton: "Kotun Ƙoli: Tsofaffin takardun naira 200, 500 da 1,000 suna nan a matsayin halastattun kuɗi [A NAN RUBUTUN YA YANKE, an fara wata kalma ba a ƙarasa ba, sauran jimlar babu shi a hoton]."
Abin da ya ɓace: ƙarshen jimlar, inda ake faɗin har yaushe ko bisa wane sharaɗi, wataƙila har da wanda ya yi maganar. Sunan jarida da kwanan wata ma babu.
Nawa tunanin, ba na hoton ba: ya yi kama da tsohon labari na 2023. Hukuncin ƙarshe da kotu ta yi a Nuwamba 2023 bai sa wa tsofaffin kuɗi rana ba. Baba ka ɗan ba ni lokaci in nemo cikakken labarin.

Ka lura alamar tana CIKIN jimlar, a daidai gurbin, ba a ƙasa ba. Dalili shi ne saƙo ba ya zama inda ka ajiye shi, wani zai kwafi layin farko kawai ya tura gaba ya bar bayaninka, in alamar tana cikin cikin jimlar dole ta bi shi duk inda ya je. Na kuma sa ta a baka biyu masu kusurwa da manyan haruffa don ko mai saurin karatu ya yi tuntuɓe da ita. Ɗigo uku kaɗai ba su isa ba, mu a rubutun waya ɗigo uku muke watsawa ko'ina, bayan sallama ma sai ka ga an sa, babu mai ganinsu ya ce an cire wani abu, za a ɗauka jan numfashi ne kawai. Sannan ban tsaya a "ya yanke" ba, na faɗi wane IRIN abu ne ya ɓace. Wannan shi ne ainihin taimakon da mai jin Turanci zai yi wa wanda ba ya ji, domin kai kana iya gane cewa gurbin na lokaci ne ko na sharaɗi ko na suna, shi ba zai iya ba. Cewa "lokaci ko sharaɗi ne ya ɓace" ba hasashe ba ne, ginin jimlar ne ya nuna. Cewa "31 ga Disamba ce ta ɓace" shi ne hasashe. Hasashen kuma ba haramun ba ne, Baba yana da haƙƙin ya ji abin da ɗansa ke tunani, amma a layinsa daban da sunansa a goshi.

Naka ya zo da sauƙi ta fuska ɗaya, giɓin Turancin yana ƙarshe na Hausar ma ya faɗa ƙarshe. Ba kullum ake samun haka ba, kuma a nan ne ko waɗanda suka iya aiki suke zamewa. Bari in ƙirƙiro maka misali a kan batun dai, a ce hoton ya nuna "CBN extends old naira…" ya tsaya. Mai gaggawa zai rubuta CBN ya tsawaita tsohuwar naira, ya zuba ɗigo a ƙarshe. Amma ai ba a tsawaita naira, wani abu NA naira ake tsawaitawa, wa'adinta ko lokacin musanya ta ko lokacin kai ta banki. Turanci yana jera masu bayani a gaba ya ajiye uwar kalmar a can ƙarshe, Hausa kuwa uwar kalmar take fara kawowa sannan 'ya'yanta su biyo, wa'adin tsohuwar naira muke cewa. To almakashin da ya datse wutsiyar Turanci, a Hausa tsakiyar jimla ya huda. Fassarar gaskiya ita ce: CBN ya tsawaita [ABIN DA AKA TSAWAITA YA ƁACE] na tsohuwar naira [saura ma ya ɓace]. Ba ta da daɗin karantawa na sani, amma a nan ramin yake, in ka kai alamar ƙarshe don kawai a ƙarshe ka ga ɗigon Turanci ka nuna wa mai karatu wurin da ba shi ba.

Haka korewa take yi, ita kuma ta wata hanyar. Turanci da kalma ɗaya yake kore magana a farko ya wuce, mu kuwa "ba" biyu muke sawa, ɗaya ta buɗe ɗaya ta rufe. A ce ka ga "We will not extend deadline…" sai ka rubuta ba za mu ƙara wa'adi ba. Wannan "ba" ta biyun a kunnen Bahaushe ƙofa ce aka rufe aka sa sakata, jimla ta cika, babu wanda zai nemi saura. Alhali abin da aka datse yana iya zama fiye da rana kaza, ko kuma sai in kaza, wanda zai juya maganar. Ba za ka iya jefar da "ba" ta biyu ba don Hausar za ta karye, abin yi shi ne ka manna alamar nan take a bayanta ba tare da aya ba, ka kuma faɗa ƙarara cewa abin da ya biyo yana iya taƙaita korewar. Sannan akwai ya da ta. Turanci zai ce minista kaza ya wuce ba ka san mace ce ko namiji ba, Hausa ba ta barinka ka wuce sai ka zaɓa, in sunan yana cikin abin da aka yanke kar ka zaɓa, ka ce "an ce" ko ka rubuta ya/ta ka faɗi dalili.

Yanzu neman asalin, don bai kamata ka tsaya a fassarar rabi ba in ana iya samun cikakke. Kwafi kalmomin da ka gani daidai yadda suke, ban da rabin kalmar ƙarshe, ka sa su tsakanin alamun zance a Google don ya nemo su a jere:

```
"N1,000 notes remain legal tender" Supreme Court
```

Za ka ga sakamako da yawa don jaridu da dama sun rubuta kusan abu ɗaya, kuma a nan wani tarkon yake. Kar ka ɗauki na farko da ya yi kama ka ce shi ne. Ka gwada kalma da kalma tun daga farkon kanun, ɗigo biyun suna wurin? an rubuta N1,000 da waƙafi ko N1000 ba waƙafi? an ce "remain" ko "to remain"? Ƙaramin bambanci yana nuna wata jarida ce ko wata rana ce. Ita "to" ɗin nan ma a harshen kanu alamar abin da zai faru nan gaba ce, za su ci gaba da zama kenan, rashinta kuma suna nan, shi ya sa na rubuta maka suna nan. In ka samu wanda ya dace ɗari bisa ɗari sai ka duba ranar da aka buga shi, ka tura wa Baba cikakkiyar fassara ka sa shekara a ciki ko da kanun bai sa ba, amma ka sa ta a baka biyu don a san kai ka ƙara. In biyu suka dace kuma ƙarshensu ya bambanta, gaya masa biyu ka samu ga su. In ba ka samu ko ɗaya ba, to fassarar mai giɓi ita ce fassararka, ka bar ta a haka, ka ƙara da cewa ka nema ba ka gani ba don haka kar a gina komai a kan hoton. Kuma kafin duk wannan, abu mafi sauƙi da mutane ke mantawa, ka roƙi Baba ya tambayi wanda ya turo masa ko yana da adireshin labarin ko hoton da bai yanke ba, wani lokaci a nan take magana ke ƙarewa. Ka kuma sake duba gefunan hoton da kyau, agogon saman waya, launin shafin, ɗan guntun tambari a kusurwa, ko wani "2h" ko "Mar 3" da ya maƙale a gefe, duk suna ba da labari, amma ka sani agogon saman waya lokacin da aka ɗauki hoton yake nunawa ba lokacin da aka buga labarin ba.

Abu ɗaya da ya rage, na san iyayenmu da yawa sun fi son saƙon murya, wataƙila Baba ma a ƙarshe cewa zai yi ka karanto masa. Baka biyu ba ta da sauti, manyan haruffa ma haka, duk dabarar da muka yi a rubuce ta tafi. A rediyo abin da muke yi shi ne mu faɗi gargaɗin a gaba, mu maimaita a gurbin. Ka fara da cewa Baba wannan rubutun bai cika ba ƙarshensa a yanke yake, zan karanto abin da ke akwai in na zo inda ya tsaya zan faɗa. Sai ka karanta, kuma kar ka sauke murya a kan "halastattun kuɗi" kamar mai kai aya, domin saukar murya ita ce ayar mai sauraro, ka bar ta a sama ka ce to a nan ya tsaya Baba, abin da ke gaba na har yaushe ko bisa wane sharaɗi babu shi. Ka ɗan yi shiru. Sannan ka ce yanzu kuma nawa ganin ne ba na jarida ba. In za ka iya ma ka raba su saƙo biyu, fassara a ɗaya ra'ayinka a ɗaya, don in Baba ya tura na farkon wa abokan kasuwarsa gargaɗin yana ciki, na biyun kuma ya tsaya tsakaninka da shi.

Game da kuɗin da ke hannunsa kuwa, ka kwantar masa da hankali yau ɗin nan kar ka bari ya kwana da abin a rai, babu ko kalma ɗaya a wannan hoton da ta ce an daina karɓarsu, iyakar abin da ake iya karantawa ma cewa yake suna nan. In yana son ya ƙara samun natsuwa ya tambaya a reshen bankinsa in ya je ajiya, kai kuma ka duba shafin CBN ka ga sanarwarsu ta baya-bayan nan a kan takardun kuɗi kafin ka sake kiransa. A gaishe min da shi.